Malama Tarko da Huhun Mijinta

Malama Tarko ba sunanta na gaskiya ba ne, amma ko masu shara a sashensu na jami'a da shi suka san ta. Ɗaliban likitanci 'yan aji biyu ne suka laƙaba mata shi, aka yi ta gadonsa aji bayan aji. Darasin yadda sassan jiki ke aiki take koyarwa, numfashi ne ɓangarenta. Gajeriya ce mai sauri, kullum da tarin makullai a hannu tana kaɗawa, takalminta yana riga ta shiga aji. Tana yarinya likita ta so zama, maki kaɗan ya hana ta. Ba ta taɓa ba kowa wannan labari ba, amma duk wanda ya ga yadda take jan jan biro a kan takardar ɗalibin likitanci zai yi zargin akwai wata a ƙasa.

Tarkon da ya jawo mata sunan guda ɗaya ne, kuma ba ta ɓoye shi. Duk shekara sai ta kawo tambaya a kan na'urar awon numfashi. Mutum zai cika ƙirjinsa, ya hura da iyakar ƙarfinsa har iska ta ƙare. Na'ura za ta ba da lamba biyu: iskar da ta fita a sakan na farko, wadda suke rubutawa FEV1, da jimillar iskar da ta fita gaba ɗaya, FVC. A raba ta farko da ta biyu, a sami kaso.

"Ku ɗauka biki aka tashi," haka take cewa, tana zagaya teburin gwaji. "Ɗaki cike da mutane, ƙofa ƙarama. A sakan na farko mutum nawa za su fita? Kaɗan. Sauran suna ciki suna turereniya. Wannan shi ne toshewa: asma, ko huhun mai sigari. Kaso zai faɗi ƙasa da saba'in cikin ɗari, zanen na'ura ya lotsa kamar cokali. To yanzu ƙofa a wangale take, amma ɗakin ne ya ƙanƙance, mutanen ciki ba su da yawa. Kafin ka ƙifta ido kusan kowa ya fice. Kaso lafiya lau, wani lokacin ma ya fi na mai lafiya kyau. Amma jimilla ta ragu. Wannan shi ne takura. Wanda ya kalli kaso kawai ya ce min lafiya, na rantse sai mun sake haɗuwa baɗi."

Kuma suna haɗuwa. Duk da ta faɗa da bakinta, rabin aji sai sun ga tamanin da wani abu, ransu ya yi sanyi, su zaɓi "huhu lafiyayye".

Mijinta mai gyaran rediyo da talabijin ne, ko kuma a ce ya taɓa zama. Sana'ar ta mutu a hannunsa a hankali, tun da mutane suka koma jefar da abin da ya lalace su sayi sabo. Ya rufe shago, ya kwaso akwatunan kayan aiki ya jibge a ƙarƙashin gado, ya hau saman bene ya gina wa tattabaru ɗaki da katako da langa-langa. Daga biyu suka zama garke. Unguwa ta koma kiransa Mai Tattabaru. Da safe yana sama, da yamma yana sama, yana kankare kashi, yana share gashi, yana hira da su kamar abokan shago.

Ta tsani tsuntsayen nan. Ta tsani gurnaninsu da ke biyo silin, da farin kashinsu a kan shanya, da ƙurar da ke manne wa rigarsa. Sun yi faɗa a kansu har yaransu biyu, kafin su girma su bar gida, suka haddace jawabin kowane ɓangare. Shi kuma idan ta fara sai ya ce, "To, likitar allo ta tashi."

Tari ya daɗe da kama shi, busasshe, marar majina. Wani mai kantin magani abokinsa ya ce asma ce ta tsufa, ya ba shi abin shaƙa. Yana fesawa, yana cewa da sauƙi. Wasu ranakun, bayan ya yi babbar shara a sama, da la'asar sai zazzaɓi ya rufe shi, gari ya waye ya ware. Ta gani. Ta ce masa ya je asibiti, irin faɗar da ake yi ana neman ɗan kunne a jaka.

Ranar da abin ya faru, motarta tana wurin bakanike, ya zo ɗaukarta da babur. Ya gaji da jira a ƙasa, ya hawo hawa na biyu inda ɗakin gwaji yake. Ɗalibai suna kan layi, kowa da matsi a hanci, suna hurawa suna dariyar juna. Ya tsaya a bakin ƙofa, hannu ɗaya a jikin bango, yana murmushi da baki buɗe don kada a gane haki yake.

"Lah, Baba ne! Baban Malama!"

"Mijinta dai, ke," in ji wani. "Baba, shigo ka hura mana. Duk mun gaji da huhun yara."

"Ku bar shi, sauri muke," in ji Malama Tarko.

"Saurin me? Ni da na hura wa rediyo ƙura shekara da shekaru?" Ya cire hula ya zauna. "Kawo bututun, 'yata."

Wadda ta miƙa masa sabon bakin bututu ita ce ɗalibar da ake kira Hajiya Tambaya, matar aure mai goyo, wadda ta faɗi darasin nan bara take maimaitawa. Ta auna tsayinsa, ta shigar da shekarunsa, ta tambaye shi ko yana shan sigari, ya ce ko ta wasa bai taɓa ba. Ta matse masa hanci.

"Ja, Baba, ja, cika ƙirji. Hura! Ci gaba, ci gaba, ci gaba!"

Duk aji suka ɗauka, ci gaba, ci gaba, kamar ana kallon tsere. Ya hura har jijiyar wuyansa ta miƙe. Layin da ke kan allon kwamfuta ya yi tsalle sama nan take, sannan ya kwanta ya miƙe, babu sauran abin da ke fitowa. Aka maimaita sau uku kamar yadda ƙa'ida ta ce. Duka ukun kamar an kwafa.

Jimilla lita biyu da ɗigo huɗu. Sakan na farko, biyu da ɗigo ɗaya. A gefe, inda na'ura ke nuna abin da ake sa ran namiji mai tsayinsa da shekarunsa zai fitar, an rubuta lita huɗu.

Hajiya Tambaya ta danna lissafi a waya. "Kusan tamanin da takwas! Baba, ka fi mu duka. Malama, lafiya lau ko?"

Aji ya yi tafi. Ya sa hularsa a karkace, ya dubi matarsa yana ɗaga gira.

Ita kuwa ta riga ta gani tun hurawar farko. Zanen siriri, a tsaye, kamar an matse shi daga gefe biyu. Kashi sittin na abin da ya kamata. Tari busasshe. Zazzaɓin la'asar. Ɗakin langa-langa marar taga. Duka suka haɗu a kanta a lokaci guda, kuma abin da ya fara zuwa mata kafin tsoro, da ɗan taƙi kaɗan, daɗi ne. Wani siririn daɗi mai kaifi: shi ke nan, tsuntsayen nan sun tafi.

Ta ji shi sarai, ba ta da damar cewa ba ta ji ba. Kunya ta bi bayansa.

"Ku tattara kaya," ta ce. "A wanke matsin hanci. Lokaci ya ƙure."

A kan babur ta riƙe rigarsa ta baya, tana jin yadda haƙarƙarinsa ke ɗagawa gajere-gajere, da sauri-sauri.

Kwanakin da suka biyo baya ta wanke labulen da ba su yi datti ba. Ta sauya wa kujerun falo wuri, ta mayar da su. Ta ɗauko littafi ta buɗe babin da ta fi kowa sani, ta rufe. Ta ce wa kanta awon numfashi kaɗai ba ya tabbatar da takura, sai an auna girman huhu gaba ɗaya, kuma gaskiya ne. Ta ce wa kanta wanda bai hura da kyau ba ma jimillarsa takan ragu, shi ma gaskiya ne, sai dai ta ga wuyansa, ta ga layi uku a kan juna. Ta ce wa kanta ita ba likita ba ce. Wannan kam ta daɗe ba ta yarda ta faɗa ba ko a zuci.

Akwai kuma abin da ba ta son dubawa ko ta gefen ido. Idan aka rushe ɗakin sama, ina mutumin nan zai zauna? A falo. Zai ga fitarta da safe, ya ga dawowarta, ya ga ranar da albashi ya shigo. Tattabarun da take zagi su ne suka ɗauke mata namiji marar aikin yi daga gabanta, suka ba shi wurin da shi ne mai faɗa a ji. Ta tsane su, tana kuma cin moriyarsu. Ko ta yi magana ko ta yi shiru, ta ko'ina ta duba sai ta tarar da son ranta ya riga ta zuwa.

Ranar bitar jarrabawa ta shiga aji ba ta shirya komai ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ɗauki alli ta rubuta tambaya ta farko daga ka: dattijo mai shan sigari, jimilla uku da rabi, sakan na farko ɗaya da ɗigo shida. Aji ya amsa baki ɗaya, toshewa, kaso bai kai hamsin ba. Ta goge. Ta rubuta ta biyu, tarkon da aka saba: namiji, ba ya shan sigari, tari busasshe, haki idan ya hau bene. Hannunta ya ci gaba. Biyu da ɗigo huɗu. Biyu da ɗigo ɗaya. Ana sa ran huɗu.

Wasu suka ce lafiya, wasu suka ce takura, aka fara musu. Sai da aji ya watse Hajiya Tambaya ta biyo Malama har bakin ofis, jaka a kafaɗa, tana gyara mayafi.

"Malama, don Allah in yi tambaya?"

"Yaushe kika taɓa neman izini?"

"Amsar ta biyu takura ce ko?"

"Alamar takura. Sai an tabbatar."

"To ai lambobin Baba ne." Ta sauke murya. "Ni na shigar da su, na tuna. Ranar na ce lafiya lau, ba ki ce min komai ba. Na koma gida ina murna na iya. Malama, bara a kan wannan kika kayar da ni."

Malama Tarko ta juya ta kalli ƙofar ofishinta. Ta sa makulli, ba shi ba ne. Ta sa wani.

"Kin yi kuskure ranar," ta ce. "Yau kin gyara. Je ki, yaronki na jira."

Ba ta shiga ofishin ba. Ta sauka, ta ja mota, ta isa gida rana tsaka. Yana sama, tana jin ƙarar abin kankara a kan katako. Ta tsaya a gindin matakala ta ƙwala masa kira.

"Baban yara! Sauko."

"Wa ya mutu?"

"Sauko, na ce."

Ya sauko rabi ya zauna a kan matakala, fari fat da ƙura har gira, abin shaƙa yana leƙowa daga aljihu. Ta yi masa bayanin ɗaki da ƙofa, da muryar aji, don ita kaɗai ce muryar da ba ta rawa. Ta ce abin da yake fesawa ƙofa yake buɗewa, shi kuwa ƙofarsa a buɗe take. Ɗakin ne ya ragu.

"Yarinyar nan ta ce tamanin da takwas."

"Tamanin da takwas na abin da bai kai ba."

"Kika yi shiru a gabansu."

"Na yi."

"To me ya rage ɗakin?"

Ta ɗaga ido sama. Ya bi idon da kallo, ya yi wata dariya da ta ƙare da tari.

"Ayyo. Yanzu na ji zance. Shekara nawa kina neman hanyar raba ni da su, yau kin samo inji ya taya ki. Ni fa na yi aiki da mita, Malama. Na san inda ake ɗora waya idan ana son allura ta nuna abin da ake so."

"Da na ga lambar na ji daɗi," ta ce.

Ya daina dariya.

"Wallahi na ji. Shi ya sa na kasa buɗe baki. Don haka kada ka yarda da ni. Injin nan bai san tattabara ba, bai ce su ne ba. Ko takurar ma bai isa ya rantse a kanta ba, sai an sa ka a wani awon a asibiti. Abubuwa da yawa suna kawo irin wannan. Zai iya yiwuwa ba su ba ne."

"Zai iya yiwuwa ba su ba ne," ya maimaita, yana juya maganar a baki.

"Zai iya."

Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa. "Gobe mu je. In likitan gaske ya wanke su, ba na son in ƙara jin bakinki a kansu har abada."

Ta san ba don huhunsa zai je ba, don ya wanke tsuntsayensa ne. Ta kuma san da gangan ta ajiye masa wannan jimlar a inda zai taka. Ba ƙarya ta yi ba. Ta dai zaɓi gaskiyar da za ta ɗaga shi daga kan matakala.

A asibiti suka sake sa shi hurawa, suka fesa masa maganin buɗe hanyar iska, suka jira, ya sake hurawa. Lambobin ba su motsa ba. Suka rufe shi a wani akwatin gilashi mai kujera a ciki, yana ta yi wa matarsa alama da hannu wai an sa shi a keji. Awon ya nuna girman huhun gaba ɗaya ya ragu, wani awon kuma ya nuna iska ba ta ratsawa cikin jini yadda ya kamata. Aka yi hoton ƙirji na babbar na'ura. Malama Tarko ta auna barandar asibitin da ƙafa har wata nas ta ce, "Mama, kujerun nan kyauta ne fa."

Likitar huhu matashiya ce mai magana a hankali. Ta saurari bayansa, ta dubi yatsunsa, ta tambayi aikin da ya yi, da magungunan da yake sha, da ko gaɓoɓinsa na ciwo. Sannan ta ce, "Baba, ana kiwon tsuntsaye a gidan?"

Ya juya ya zuba wa matarsa ido.

"Ban ce mata uffan ba," in ji Malama Tarko.

"Kowa mai irin wannan hoton sai na tambaye shi," in ji likitar. Ta juyo da allon ta nuna masa. Wani wurin kumburi ne, da magani da nisantar ƙurar zai iya sauka. Wani wurin kuma ya riga ya zama tabo, ba zai koma ba. Abin da ake nema shi ne kada tabon ya ƙaru. Ba tsuntsayen kaɗai ba, har gashinsu, da kashinsu, da katakon ɗakin. Kuma ba shi zai kwashe ba.

"Ko biyu? In bar biyu kawai?"

"Ko ɗaya, Baba."

Wani tsohon abokinsa mai walda, a can ɗaya gefen gari, ya zo da kwanduna ya kwashe su. Mai Tattabaru bai fito ba, yana ɗaki ya kunna wata tsohuwar rediyo da ya ciro daga ƙarƙashin gado. Aka yi da leburori za su zo ƙarshen mako su rushe ɗakin. Ya zauna a falo, kamar yadda ta ji tsoro. Yana kallonta tana neman makulli, yana kallonta tana shan shayi a tsaye. Ya ce mata ashe haka take tauna biredi da sauri kamar ana bin ta. Ta ce ashe haka yake da surutu.

Kafin leburori su zo, wata safiya tana sa takalmi, sai ta ji gurnani ta silin. Ɗaya, sannan da yawa, sannan ƙarar farce a kan langa-langa.

Ya riga ta isa matakala. Ƙafarsa ɗaya tana kan ta farko ta sha gabansa, ta baza hannu.

"Ruwa kawai zan ba su. Sun yi tafiya."

"Ni zan ba su."

Ta ɗaura abin rufe hanci biyu, ta hau. Tattabarun suna jere a kan rufin, suna karkata kai suna kallonta. Ta zuba ruwa a kwano, ta watsa hatsin da ya rage a cikin ɗakin, suka bi shi ciki, ta ja ƙofa ta sa sakata. Ta sauko, ta cire rigar sama a bakin ƙofa ta cusa a leda, ta wanke hannu har gwiwar hannu. Yana nan inda ta bar shi.

"Zan kira mai walda ya zo ya kwashe," ta ce.

"Za su dawo."

"Sai ya sake kwashewa."

"Za su sake dawowa." Yana kallon ƙasa. "Tattabara ba a ba da ita haka. Sai an kulle ta a sabon wuri, ba fita, har ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe. Shi bai sani ba, ya ɗauka kaji ne. Kwana biyu ya buɗe musu."

"Kai ka sani."

"Na sani."

"Ba ka gaya masa ba."

A sama ana ta buga fiffike a jikin katako. Ta dubi agogo, ajinta ya kusa shiga, ta ajiye jakar a ƙasa. Ta lalubo lambar mai walda, ta miƙa masa wayar ba tare da ta danna ba.

Ya daɗe yana riƙe da ita. Sannan ya danna da kansa, ya kai kunne, ya juya mata baya.

"Maƙeri, kana jina? Baƙinka sun gudo. Zo da kwandunan. Tsaya, kada ka kashe, akwai abin da ban faɗa maka ba." Ya ja numfashi, gajere, ya sake ja. "Ka sami kwaɗo mai kyau tukuna."